“Wa Zan Faɗa Wa, Kuma Me Zai Same Ni?” Yadda Ake Rubuta Dokar Hana Cin Zarafi A Wurin Aiki

Wani likita mai asibitin kuɗi ya taɓa miƙo mini takarda mai shafi goma sha ɗaya, ya ce in duba masa. Dokar hana cin zarafin ma’aikata ce, wani ɗan’uwansa ya kwaso masa daga intanet aka canja sunan kamfani aka sa na asibitin. Turancinta ya tsaru, babu abin kushewa. Sai da na kai shafi na tara na tarar da abin da nake nema, layi ɗaya tal: duk wanda aka ci zarafinsa ya rubuta ƙorafi ya kai wa manajan gudanarwa.

Na ce, “Likita, idan manajan ne ya yi abin fa?”

Ya yi shiru. Can ya ce, “Malam, ai ba zai yi ba. Ƙanin matata ne.”

Wannan amsa ita ce dalilin da ya sa irin waɗannan takardu suke mutuwa a cikin durowa. Ma’aikatan asibitin sun kai arba’in: nas-nas, masu awon jini, masu ba da kati, masu shara, masu gadi, da ɗalibai ’yan koyon aiki. Babu ɗayansu da bai san manaja surukin mai asibiti ba ne. Yarinyar da take sharar ɗakin haihuwa da dare, in wani ya tare ta a lungu, ba fassarar kalmar cin zarafi ce ta dame ta ba, ta riga ta san abin da aka yi mata. Tambaya biyu ce a ranta: wa zan faɗa wa, kuma in na faɗa me zai same ni? Dokar da ta amsa waɗannan biyun ta yi aikinta ko da shafi uku ce. Wadda ba ta amsa su ba, ado ce kawai.

Kafin mu shiga rubutun, ya kamata mai wurin aiki ya san cewa maganar ta wuce kyautatawa. A watan Yunin 2019 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 a Janiba, kan tashin hankali da cin zarafi a fagen aiki, Najeriya kuwa ta rattaba mata hannu a watan Nuwambar 2022. Yarjejeniyar ta nemi a wajabta wa masu ɗaukar ma’aikata su tsara irin wannan doka tare da shawarar ma’aikatansu, ta kuma ambaci kare mai ƙorafi da shaidu daga ramuwar gayya. Tun kafin nan, gyara na uku da aka yi wa tsarin mulkin Najeriya a 2010 ya ba Kotun Ma’aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar neman lalata da nuna bambanci a wurin aiki. A watan Disambar 2013 kotun ta yanke hukunci a ƙarar da wata ma’aikaciya ta shigar da kamfanin Microsoft da shugaban reshensa na Najeriya. Kotun ta gamsu cewa an sallame ta ne saboda ta ƙi ba shugaban haɗin kai, ta kuma ɗora wa kamfanin alhaki tare da shi, aka ce a biya ta diyya. A lura da abin da ya kai maganar kotu: korar da ta biyo baya. A Ghana ma, dokar ƙwadago ta 2003 ta ce ma’aikacin da ya ajiye aiki saboda ya sha kai kukan neman lalata an yi kunnen uwar shegu da shi, ana ɗaukar abin a matsayin korar zalunci.

Da muka zauna gyaran takardar likita, ba da alƙalami muka fara ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka na roƙi a bar ni in zauna da ma’aikata rukuni-rukuni, mata daban, maza daban, babu shugaba ko ɗaya a ɗakin. Ban tambayi kowa ko an taɓa yi masa wani abu ba, wannan tambaya rufe baki take sawa. Cewa na yi, a ina ne a cikin ginin nan mace ba ta son a aike ta ita kaɗai, kuma da wane lokaci? Nan take amsa ta zo. Sito, saboda ƙofarsa ɗaya ce kuma fitilarsa ta mutu. Ɗakin canja kaya, saboda sakatarsa ta karye. Sai dutin dare, daga ƙarfe ɗaya zuwa asuba, lokacin da nas ɗaya take kwana da likita ɗaya da maigadi. Wata kuma ta ɗaga wayarta ta ce, “Malam, ai yanzu ba a asibiti abin yake ba, a nan yake.” Tana nufin saƙonnin WhatsApp na tsakar dare daga wanda yake tsara mata aiki.

Daga wannan zama muka fitar da sashen farko, wato abin da aka hana. Shawarata a nan ita ce a kira kowane abu da sunansa, a daina ɓuya a bayan “halin da bai dace ba”. A rubuta taɓa jiki ba da yarda ba, da tare hanya, da maganar batsa, da yaba surar jiki, da tura hoto ko bidiyon banza, da nacin neman mace bayan ta ce a’a. A rubuta mafi muni, wato jingina aiki da biyan buƙata: in kin yarda a tabbatar da ke, in kin ƙi a mayar da ke dare. Kada a tsaya a kan neman lalata kaɗai, domin zagi a gaban marasa lafiya, da gorin ƙabila ko addini ko naƙasa, da barazanar duka, duk suna ciki, kuma namiji ma ana yi masa. Sau ɗaya ya isa a kira shi laifi in ya yi tsanani, ba sai an maimaita ba.

Akwai wuri guda da ya kan kawo gardama a ƙasarmu, shi ne “ai aurenta nake so in yi”. Neman aure ba laifi ba ne, kuma dokar da ta hana shi gaba ɗaya ba za ta samu karɓuwa ba. Abin da muka rubuta shi ne: wanda ya nuna yana so aka ce masa a’a, maganar ta ƙare a nan, in ya sake tayar da ita ya shiga laifi. Wanda kuma yake da iko a kan albashin mace ko jadawalin aikinta, in da gaske yake, sai ya sanar a ɗauke wannan ikon daga hannunsa tukuna. Mun kuma sa layi ɗaya da nake ganin ba a taɓa barinsa: ba a tambayar mai ƙorafi irin kayan da ta sa ko yadda take dariya da mutane. Mu kan ce in ɓera da sata daddawa ma da wari, to wannan karin magana ba shi da kujera a ɗakin bincike.

Sai batun waɗanda dokar ta rufe. Yarjejeniyar 190 ta faɗaɗa shi har ga ’yan koyon aiki, da masu aikin sa kai, da masu neman aiki, ta kuma haɗa da wurin cin abinci, da bayan gida, da tafiyar aiki, da gidan da wurin aiki ya bayar, da saƙon waya. A asibitin likita masu shara ba ma’aikatansa ba ne a takarda, ɗan kwangila ne ya kawo su. Su ne kuwa suka fi kowa rauni, don ana iya cewa gobe kada ki zo, shi ke nan. Muka sa su a ciki da suna, muka kuma ce a ƙara sharaɗi a takardar ɗan kwangilar cewa ba zai cire mai ƙorafi daga asibitin ba sai da amincewar kwamiti.

Yanzu ga ƙofofin kai kuka. Ƙa’idar da nake bi mai sauƙi ce: a ɗauki sunan kowane mutum a wurin, tun daga maigadi har mai asibiti, a tambaya, in wannan ne ake tuhuma, akwai hanyar da ƙorafi zai bi ba tare da ya ratsa ta teburinsa ko na ɗan’uwansa ba? Duk sunan da amsarsa ta zama babu, dokar tana da rami a nan.

Mun ƙare da ƙofa uku. Ta farko mutum biyu ne daga cikin ma’aikata, mace da namiji, waɗanda ma’aikata suka zaɓa da kansu ta hanyar rubuta suna a ɓoye. Aka dace suka zaɓi wata dattijuwar ungozoma da kowa ke kira Mama, da wani mai awon jini. Ta biyu shugabar nas-nas ko manaja, ga wanda ya fi son ya bi ta hukuma. Ta uku ita ce ta waje: wata lauya da ba ta cin albashin asibitin a matsayin ma’aikaciya, aka liƙa lambar wayarta a bango. Ita ake kira in ƙorafin ya shafi manaja, ko mai asibitin, ko danginsu. Likita ya ɗan ja da wannan, ya ce kamar an ce ba a yarda da shi ba. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, wannan ƙofar kai ma tana kare ka. Ran da aka yi maka ƙazafi, wankewar da surukinka zai yi maka ba mai yarda da ita.” Ya amince. Inda akwai ƙungiyar ma’aikata, wakilinta ma ƙofa ne, makaranta kuwa tana iya sa wani daga hukumar gudanarwarta.

Ba a tilasta wa kowa rubutu. Mai shara da ba ta yi boko ba ta zo ta faɗa da baki da Hausa, a rubuta, a karanta mata, in ta yarda haka ta ce ta sa hannu ko ta dangwala, a ba ta kwafi ta tafi da shi. Wannan kwafi mai kwanan wata shi ne garkuwarta nan gaba, za mu ga dalili. Tana kuma da damar zuwa da wanda ta aminta da shi, abokiyar aiki ko ’yar’uwa.

Akwatin jefa takarda ba suna yana da amfani, amma kada a dogara da shi. Yana nuna inda hayaƙi yake tashi: in takarda uku suka ambaci sito da mutum ɗaya, ai an san inda za a sa ido. Sai dai da wuya a hukunta mutum da takardar da ba a san mai ita ba, tunda ba zai iya ba da amsa ba. Kuma a kula da inda aka rataye shi da wanda ke riƙe da mukulli. Na taɓa ganin irin wannan akwati a daidai ƙofar ofishin manaja, ƙarƙashin kyamara.

Wanda aka kawo wa kuka kada ya ce “ba wanda zai ji”, don alkawari ne da ba zai iya cikawa ba. Gaskiyar da zai faɗa ita ce, ba wanda zai ji sai wanda bincike ya tilasta, shi ma wanda ake tuhuma dole ya san abin da aka ce ya yi. Sannan a ɗaure kowane mataki da kwanaki. Mu mun sa kwana 2 na aiki a sanar da mai ƙorafi cewa an karɓa, kwana 7 a fara bincike, kwana 30 a gama, in an makara a rubuta mata dalili. Waɗannan ba lambobin doka ba ne, kowane wuri ya auna ƙarfinsa, amma in babu su sai “ana nan ana dubawa” ta cinye shekara. In kuwa abin ya kai fyaɗe ko duka, ya fi ƙarfin kwamiti: asibiti da farko, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, sannan ’yan sanda in ta zaɓa. Dokar ta faɗa ƙarara cewa kai kuka a cikin gida bai toshe hanyar ’yan sanda ko kotu ba.

Sashen da na fi daɗewa a kansa shi ne na bi-ta-da-ƙulli, domin a nan ake cin amanar mai ƙorafi, kuma a nan yawancin takardu suke da layi ɗaya: “ba a yarda da ramuwar gayya ba”. Wa ya taɓa cewa ya yarda da ita? Ba wanda yake rubuta wa ma’aikaciya cewa na kore ki don kin kai ƙarata. Abin yana zuwa ne da rigar aiki.

Ga yadda ya faru a wannan asibiti wata biyar bayan an kafa dokar. Wata matashiyar nas ta samu Mama bayan sallar la’asar, ta ce, “Mama, ina son magana, amma ina tsoro.” Babban nas mai tsara jadawalin duti ya dame ta da saƙonni, ya kuma riƙe mata hannu a sito. Mama ta rubuta, ta ce kada ta goge saƙo ko ɗaya, aka ɗauki hotonsu da kwanan wata a jiki. Sai ta yi wani abu da dokar ta umarce ta, wanda a ganina shi ne mafi amfani a cikin takardar duka: a ranar ta karɓi kwafin jadawalin duti na wata uku da suka wuce, da fayil ɗin yarinyar. Jadawalin ya nuna tana yin dare huɗu ko biyar a wata kamar sauran. Fayil ɗin kuwa babu takardar tuhuma ko ɗaya cikin shekara biyu.

An yi kuskure a nan. An sanar da babban nas ƙorafin, amma aka bar jadawalin a hannunsa, don ba a samu wanda zai karɓa nan da nan ba. Da na wata mai zuwa ya fito, sai ga sunanta a dare goma sha ɗaya, har da ranar bikin ƙanwarta da ta nemi hutu tun tuni. Cikin mako biyu ta samu takardar tuhuma biyu, ɗaya kan makarar minti goma. Da aka tambaye shi ya ce ƙarancin ma’aikata ne, makara kuwa ai ta makara.

Ta yaya ake gane gaskiya a irin wannan? Da tambaya uku, kuma muka rubuta su a dokar don kada a bar wa son zuciya. Yaushe abin ya fara, kafin ƙorafi ko bayansa? Yaya aka yi wa sauran da ke matsayi ɗaya da ita? Akwai wata shaida a rubuce, wadda ta riga ƙorafin, da ke nuna dama an shirya wannan canji? Da aka ɗora sabon jadawali a kan tsofaffi, sai aka ga sauran nas-nas suna nan a kan huɗu da biyar ɗinsu, ita kaɗai ta haura. Da aka buɗe littafin sa hannu na safe, mutum shida sun makara a makon, ita kaɗai aka ba takarda. Ba a buƙaci ya amsa laifi ba, takardu sun yi magana. Da Mama ba ta ajiye kwafin nan tun ranar farko ba, da sai dai a yi ta musu, ya ce ta ce.

Bayan wannan muka ƙara wa dokar ƙarfi. Daga ranar da aka kai ƙorafi, wanda ake tuhuma ya sauka daga duk wani iko a kan mai ƙorafi: jadawali, hutu, alawus, rahoton ƙarin girma. Wannan ba hukunci ba ne, kuma a faɗa masa haka. In dole sai an raba su, shi ake matsarwa, ba ita ba, sai dai in ita ta nema da bakinta, domin ɗauke mai ƙorafi daga sashenta “don a kare ta” kowa zai karanta shi a matsayin horo. Har tsawon wata 12, duk wani mataki da zai cutar da ita, kora ko canjin wuri ko rage kuɗi ko ƙin sabunta kwangila, ba ya tabbata sai mutum na biyu da ba shi da hannu a rikicin ya duba dalili ya sa hannu. Ba a ce ba za a taɓa hukunta ta in ta yi laifi ba, an ce dai a nuna dalili. Wannan kariya ta haɗa da shaidu, don maigadin da ya ga an shiga sito ba zai buɗe baki ba in ya san aikinsa ne zai tafi. Kuma bi-ta-da-ƙulli laifi ne mai zaman kansa, ana hukunta shi ko da ƙorafin farko bai tabbata ba.

Akwai wani nau’insa da jadawali ba ya kamawa. Shi ne a daina amsa gaisuwarta, a tashi in ta zauna cin abinci, a riƙa cewa ga mai raba mutum da abincinsa. Ko a tura dattijo gidansu ya ce wa mahaifinta a yi haƙuri a rufa wa juna asiri, mutumin nan yana da iyali. Ko a kira mijinta a waya, wanda sau da yawa ƙarshensa shi ne a ce ta bar aikin. Mun rubuta cewa tuntuɓar iyalin mai ƙorafi a kan maganar, kai tsaye ko ta ɗan aike, ramuwar gayya ce. Sulhu yana da wurinsa, a ƙananan abubuwa kamar baƙar magana, in mai ƙorafi ce ta zaɓe shi. Amma ba a sulhu a kan taɓa jiki ko jingina aiki da lalata, kuma ba a zaunar da ita gaba da gaba da shi a ce su yafi juna.

Shi ma wanda ake tuhuma yana da haƙƙi, dokar da ta manta da wannan ba za ta tsaya a kotu ba, ba kuma za ta samu amincewar ma’aikata ba. A ba shi tuhumar a rubuce, a ba shi kwanaki ya amsa, ya kawo shaidunsa, ya ɗaukaka ƙara ga wanda bai zauna a binciken farko ba. Kwamiti ba kotun laifi ba ne, yana yanke hukunci ne da abin da ya fi rinjaye bayan an auna maganar kowa da saƙonni da shaidu. Masu wurin aiki suna son a sa babban gargaɗi kan ƙorafin ƙarya, ni kuwa ina taka-tsantsan da shi. Rashin tabbatar da ƙorafi daban, ƙarya daban. Abin da aka yi a sito ba shaida, yana iya zama gaskiya ko da an kasa tabbatarwa. Ana hukunta mai ƙorafi ne kawai in an samu hujja cewa da gangan ya ƙirƙira. In aka rubuta shi ba haka ba, wannan layi kaɗai ya isa ya kulle duk ƙofofin nan uku.

A ƙarshen binciken an samu babban nas da laifi biyu, na farko da na ramuwa, aka sallame shi bayan an saurare shi, aka cire takardun tuhumar nan daga fayil ɗin yarinyar. Dokar da kanta ta koma shafi huɗu, Hausa da Turanci, ana karanta ta da baki ga duk sabon ma’aikaci a makonsa na farko, da kuma sau ɗaya a shekara lokacin canjin duti, don masu dare su ji. An gyara sakatar ɗakin canja kaya, an sa fitila a sito. Mama tana da ƙaramin littafi da take kullewa a durowarta, a ciki ta rubuta ranakun da za ta nemi yarinyar: bayan mako biyu, bayan wata ɗaya, bayan wata uku, bayan wata shida. Duk ranar da ta zo, sai ta ɗauko jadawalin watan ta ƙirga darare da yatsa, sannan ta kira ta gefe ta ce, “’Yata, akwai abin da ya canja?”